Yadda Ake Rubuta Rahoton Bita Ba Tare da Ɗora Laifi Ba Bayan Sabon Sauyi Ya Tsayar da Aiki na Sa'o'i

Rahoton bita shi ne takardar da injiniyoyi ke rubutawa bayan an shawo kan katsewar aiki, domin a fayyace abin da ya faru, da abin da ya ba shi damar faruwa, da abin da za a sauya. Tun shekarar 2012, lokacin da John Allspaw na kamfanin Etsy ya bayyana yadda suke yin nasu ba tare da hukunta wanda hannunsa ya taɓa abin ba, wannan salo ya yaɗu a kamfanonin manhaja. Sai dai da yawa suna ɗauka cewa goge sunan mutum daga takardar ya wadatar, alhali kuwa ainihin aikin shi ne a rubuta abin da kowa ya sani a kowane minti, ta yadda mai karatu zai ga dalilin da ya sa matakin da aka ɗauka ya yi kama da daidai a lokacin da aka ɗauke shi. Za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya, muna gwada su a kan katsewar da ta sami Cloudflare, kamfanin da ke kare shafukan intanet da hanzarta isar da su, ranar 18 ga Nuwamba, 2025, wadda shugaban kamfanin, Matthew Prince, ya wallafa bayaninta a fili.

Mataki na farko: a killace shaidu kafin su ɓace

Da zarar aiki ya dawo, kafin mutane su watse, sai a naɗa mutum ɗaya wanda zai riƙe rahoton. Ya fi kyau ya kasance ya san tsarin sosai amma ba shi ya tura sauyin ba, kuma ba shugaban da ke auna ƙwazon waɗanda abin ya shafa ba ne, domin babu wanda zai saki baki a gaban mai rubuta masa takardar ƙarin girma. Aikinsa na farko shi ne kwashe duk abin da ke gogewa da kansa. Kubernetes, manhajar da ke sarrafa gudanar da wasu manhajoji a kan na'urori masu yawa, alal misali, a tsarinsa na asali yana riƙe bayanan abubuwan da suka faru na sa'a ɗaya ne kawai, kuma manhajojin awo da yawa suna dunƙule alƙaluman minti-minti su mayar da su na sa'a-sa'a bayan wani lokaci, wanda ke nufin cewa wanda ya jira mako guda zai tarar an riga an share abin da ya fi buƙata.

Abubuwan da za a kwashe su ne tarihin tura sauye-sauye, da rajistar da na'urori ke rubutawa, da hotunan allon awo, da lokutan da ƙararrawar gargaɗi ta buga, da dukan hirar da aka yi a zauren da aka gudanar da lamarin. Waɗannan umarni uku suna ɗauko kaso mai yawa:

```
kubectl rollout history deployment/<suna>
journalctl --utc --since "2025-11-18 10:30 UTC" --until "2025-11-18 18:00 UTC"
TZ=UTC git log --date=iso-local --since="2025-11-17"
```

A lura cewa `git log` yana nuna lokacin da aka adana sauyin ne, ba lokacin da ya isa ga abokan ciniki ba, saboda haka lokacin turawa na gaskiya sai an duba shi a manhajar da ke yin turawar. Haka kuma dole ne a mayar da komai kan agogo ɗaya, wato UTC. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da sa'a ɗaya, Gana kuwa tana daidai da shi, don haka idan aka haɗa hoton allon wayar injiniyan da ke Kano da rajistar saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ba tare da an daidaita su ba, za a ga kamar an yi gyara kafin matsalar ta fara.

Mataki na biyu: a gina jadawalin lokuta

Nan ne ya kamata a ɓata mafi yawan lokaci. Kowane layi na jadawalin yana ɗauke da lokaci, da abin da ya faru, da inda aka samo shaidarsa, sannan, idan mataki ne na mutum, da abin da mutanen suke zato a wannan lokacin. Ana fara jadawalin daga lokacin da aka tura sauyin, ko ma kafin haka, ba daga lokacin da ƙararrawa ta buga ba. Ga yadda na Cloudflare ya kasance a taƙaice, duka a agogon UTC:

11:05 An tura sauyi a kan izinin shiga rumbun bayanai na ClickHouse.
11:28 Kurakurai na farko sun fara bayyana a zirga-zirgar abokan ciniki.
11:31 Gwajin da ke gudana da kansa ya gano matsalar, aka fara bincike da hannu a 11:32.
11:35 An buɗe taron gaggawa.
13:05 An kewaye babbar manhajar da zirga-zirgar abokan ciniki ke bi ta cikinta don sassan Workers KV na ajiyar bayanai da Access na tantance masu shiga, abin ya ɗan lafa.
13:37 Hankali ya koma kan mayar da tsohon fayil ɗin tsari na sashen Bot Management, mai bambance mutum da bot, wato manhaja mai kwaikwayon mutum.
14:24 An tsayar da ƙirƙira da rarraba sabon fayil ɗin.
14:30 An tura fayil mai kyau ko'ina, mafi yawan aiki ya dawo.
17:06 Dukan sassa sun koma daidai.

Bayan an jera lokutan, sai a auna tazarar da ke tsakaninsu, domin a cikin tazarar ne darasin yake. Daga turawa zuwa bayyanar illa minti 23 ne. Daga bayyanar illa zuwa ganowa minti 3 ne kacal, wanda ke nuna cewa ƙararrawar ba ta da matsala, kuma duk wanda ya rubuta "a ƙara ƙararrawa" a matsayin gyara bai karanta jadawalin ba. Daga fara bincike zuwa mayar da hankali kan fayil ɗin da ya lalace an ɗauki sa'a 2 da minti 5, daga nan zuwa dawowar mafi yawan aiki minti 53, sannan sauran sassan suka ci sa'a 2 da minti 36 kafin su gama farfaɗowa. Mai riƙe rahoton da ya ga waɗannan alƙaluma ya san inda zai tsaya ya yi tambaya: me ya sa aka shafe fiye da sa'a biyu kafin a kama bakin zaren?

Wani abin lura shi ne cewa gabatarwar bayanin kamfanin ta ambaci 11:20 a matsayin lokacin da matsala ta fara, jadawalin kuma ya ce 11:28. Irin wannan bambanci yana faruwa a kusan kowane rahoto, saboda ma'auni daban-daban suna ganin illa a lokuta daban-daban. Abin da ya dace shi ne a zaɓi ma'auni ɗaya, kamar yawan amsoshin kuskure masu lamba 5xx, a rubuta a fili cewa da shi aka ƙayyade farawa da ƙarewa, sannan a tsaya a kansa har ƙarshen takardar.

Mataki na uku: a tambayi waɗanda suka yi aikin, ɗaya bayan ɗaya

Rajistar na'ura tana faɗin abin da aka yi, amma ba ta faɗin abin da aka yi zato, kuma wannan sai daga bakin mutane. A gana da kowa shi kaɗai cikin kwana biyu ko uku, tun abin yana sabo a ransa, da jadawalin a buɗe a gabanku. Yadda ake tsara tambayar shi ne ke raba bincike da tuhuma. Idan aka ce wa injiniya, "Me ya sa ba ka duba fayil ɗin tun farko ba?" an riga an yanke masa hukunci da ilimin da bai da shi a lokacin, kuma amsar da za a samu kare kai ce kawai. Maimakon haka sai a ce, "Malam, da misalin sha biyu, me kake gani a allonka, kuma me ya sa hankalinka ya tafi wajen da ya tafi?" ko kuwa, "Hajiya, lokacin da kurakuran suka ragu, me kika ɗauka yana faruwa?"

Lamarin Cloudflare ya nuna amfanin wannan sosai. Da farko injiniyoyin sun zaci babban hari ne na DDoS, wato ambaliyar buƙatu da ake turowa don a danne saba. Wanda ya zo daga baya yana iya cewa sun ɓata lokaci, amma idan aka dubi abin da ke gabansu zaton yana da hujja. Ana ƙirƙirar fayil ɗin ne duk bayan minti biyar, kuma sauyin izinin yana shiga sassan rumbun ne sannu a hankali. Idan tambayar da ake aika wa rumbun don haɗa fayil ɗin ta faɗa kan sashen da aka riga aka sauya sai a samu fayil marar kyau, idan ta faɗa kan wanda ba a taɓa ba sai a samu mai kyau. Saboda haka tsarin yana faɗuwa yana tashi, kuma kuskuren cikin gida ba kasafai yake warkewa da kansa ya dawo ba, wannan ya fi kama da halin mai kai hari. Bugu da ƙari, shafin da kamfanin ke sanar da halin da ayyukansa ke ciki, wanda ba a kan na'urorinsa yake ba, shi ma ya faɗi a daidai lokacin bisa tsautsayi, abin da ya ƙara ƙarfafa zaton cewa wani ne ke kai farmaki ta ko'ina. Sai da sauyin ya game dukan sassan rumbun, kowane fayil ya riƙa fitowa a lalace, sannan tsarin ya tsaya cik a halin faɗuwa.

Rahoton da ya tsallake wannan zato na kuskure, ya tafi kai tsaye daga ƙararrawa zuwa gyara, ya jefar da sa'o'i biyun da suka fi tsada. A rubuta kowace hanya da aka bi ba ta ɓulle ba, da abin da ya sa aka bi ta, da abin da ya sa aka bar ta.

Mataki na huɗu: a bayyana dalilai a matsayin sarƙa

A nan ne ake yawan faɗawa tarkon neman dalili guda ɗaya, kuma dalili guda ɗayan nan yakan ƙare a kan mutum. Hanyar kauce wa haka ita ce a bi abin daga turawa zuwa faɗuwa, a kowace gaɓa a tambaya wane shinge ne ya kamata ya tare shi a nan, kuma me ya sa babu shi ko bai yi aiki ba.

Sauyin da aka tura a 11:05 gyara ne mai kyakkyawar manufa, domin an yi shi ne don inganta tsaro a rumbun, ta hanyar bai wa masu amfani izinin ganin teburan da ke ƙarƙashi, a cikin wani rumbu mai suna `r0`, a fili. Amma akwai wata tsohuwar tambaya da ke haɗa fayil ɗin da sashen tantance bot ke amfani da shi, wato sashen da ke bambance mutum da manhaja mai kwaikwayon mutum:

```
SELECT name, type
FROM system.columns
WHERE table = 'http_requests_features'
ORDER BY name;
```

Tambayar ba ta ƙayyade sunan rumbu ba, domin a lokacin da aka rubuta ta rumbun `default` kaɗai ake iya gani. Da izini ya faɗaɗa, sai ta riƙa dawo da kowane layi har da kwafinsa na `r0`, fayil ɗin ya ninka girmansa. Aka rarraba shi zuwa dukan na'urorin kamfanin a faɗin duniya. Manhajar da ke karanta shi tana da iyaka ta siffofi 200, wato alamomin da ake gane bot da su, saboda tana ware ma'ajiyar ƙwaƙwalwa tun da wuri don sauri, kuma adadin da ake amfani da shi kusan 60 ne, don haka iyakar ta yi kama da mai nisa. Da fayil ɗin ya haura iyakar, sabuwar babbar manhajar mai suna FL2, wadda aka rubuta da harshen Rust, ta ci karo da kuskuren a wurin da aka kira `unwrap()`, umarnin da ke tsayar da aiki idan ya gamu da kuskure, sai ta faɗi, abokan ciniki suka riƙa samun 5xx.

Idan aka ƙirga, gaɓoɓi huɗu ne aƙalla: tambaya mai ɓoyayyen zato, da rashin tantance fayil kafin rarrabawa, da rarrabawa ko'ina cikin sauri, da manhajar da ke faɗuwa maimakon ta jure wa fayil marar kyau. Da ɗaya daga cikin huɗun ya riƙe, da sauyin izinin bai kai ga wannan ɓarna ba. Shi ya sa jimla irin ta "wane ya tura sauyi ba tare da ya yi gwaji sosai ba" ba ta da amfani ko da gaskiya ce, domin idan aka kori wannan mutum gobe, gaɓoɓin huɗu suna nan suna jiran na gaba.

Wajen rubutawa, a yi amfani da matsayi a maimakon suna, kamar "injiniyan da ke kan aiki" ko "ƙungiyar rumbun bayanai". Bayan an gama daftarin, a bi shi ana neman kalmomi irin su "sakaci", "ya manta", "ya kamata ya", da "da ya yi kaza", a sake gina kowace jimlar da suka fito a ciki. "Ya manta bai duba masu amfani da teburin ba" sai ta koma "babu jerin manhajojin da ke karanta `system.columns`, kuma matakan turawa ba su buƙaci a nemo su ba." Jimla ta biyu ta fi ta farko tsauri, tunda ta nuna takamaiman abin da za a gina. Wannan salo kuma bai hana a binciki wanda ya yi ɓarna da gangan ba, sai dai wannan magana ce ta ofishin kula da ma'aikata, ba a cusa ta cikin rahoton bita.

Mataki na biyar: a faɗi illar yadda abokin ciniki ya ji ta

Sashen illa gajere ne, amma ya kamata ya bambance waɗanda abin ya shafa, domin ba iri ɗaya suka ji ba. A lamarin nan, waɗanda ke kan FL2 sun ga shafin kuskure, waɗanda ke kan tsohuwar manhajar FL kuwa ba su ga kuskure ba, amma makin da ake ba kowane baƙo don auna ko mutum ne ya koma sifili, saboda haka masu dokar toshe bot suka riƙa toshe mutanen gaske. Haka kuma mafi yawan masu amfani sun kasa shiga shafin gudanarwa na kamfanin, saboda Turnstile, gwajin tabbatar da cewa baƙo mutum ne da ke ƙofar shiga, ya daina aiki. Illar da ba ta fito a matsayin kuskure ba ita ce ake yawan mantawa, don haka a tambayi sashen kula da abokan ciniki irin koke-koken da suka karɓa, a kuma duba ko akwai bayanan da suka ɓata ko aka rubuta su ba daidai ba.

Mataki na shida: a fitar da matakan gyara daga jadawalin da sarƙar

Kowane matakin gyara dole ne ya nuna gaɓar da yake toshewa ko tazarar da yake ragewa. Cloudflare ya ambaci guda huɗu: tsaurara tantance fayilolin tsari da kamfanin ke ƙirƙira da kansa kamar yadda ake tantance abin da baƙo ya shigar, da ƙara makunnan kashe sassa a ko'ina cikin gaggawa, da hana rahotannin kuskure cinye ƙarfin na'ura, da sake duba yadda kowane sashe na babbar manhajar ke faɗuwa. Na farko da na huɗu suna toshe gaɓoɓin sarƙa ne, na biyu kuma yana rage lokacin da ake ɗauka tsakanin gano matsala da tsayar da ita.

A rahoton cikin gida ana buƙatar fiye da wannan. Kowane mataki ya samu mutum ɗaya mai ɗaukar nauyinsa, da ranar kammalawa, da lambar tikiti a inda ake bin sauran ayyuka, da gwajin da zai tabbatar an gama. Nan kaɗai ne suna ke shiga takardar, kuma sunan mai gyara ne. Mataki irin na "a inganta tantance fayil" ba a iya cewa an gama shi ko ba a gama ba. Sai a rubuta shi haka: "Manhajar rarrabawa za ta ƙi karɓar duk fayil ɗin da ke da suna mai maimaituwa ko ya haura iyakar mai karanta shi, za ta ci gaba da amfani da na baya, ta kuma buga ƙararrawa; za a tabbatar da haka ta hanyar tura fayil mai siffofi 201 a wurin gwaji." Duk matakin da ya fara da "a riƙa kula" ko "a tunatar da ma'aikata" a cire shi, domin ya dogara ne da cewa mutum ba zai gaji ba.

A kuma taƙaita yawansu. Matakai biyar da za a gama cikin wata guda sun fi ashirin da za su kwana a tikiti, kuma a ra'ayina wanda ya fi cancantar shiga gaba shi ne wanda ke rage faɗin ɓarna, kamar tura sauyi ga ƙaramin kaso na na'urori a jira a gani kafin a game sauran, saboda yana kare tsarin har daga kurakuran da ba a taɓa gani ba. Wannan ƙa'ida ta shafi fayilolin tsari da sauyin izini daidai yadda ta shafi sabuwar manhaja.

Mataki na bakwai: taron bita da bibiya

A raba daftarin kwana ɗaya kafin taron, a fara nuna wa waɗanda aka yi hira da su sassan da suka shafe su domin su gyara abin da aka fahimta ba daidai ba. Sa'a ɗaya ta isa. Mai jagorantar taron ya bi jadawalin layi-layi, ya tsaya a kan manyan tazarori, kuma idan wani babba ya tambaya wa ya tura sauyin, sai ya amsa cikin ladabi cewa, "Ranka ya daɗe, an bi matakan turawa yadda suke a rubuce, abin da muke dubawa shi ne me ya sa matakan suka bar shi ya wuce." Ba a tashi taron sai kowane matakin gyara ya samu mai shi da ranarsa, kuma shugaban da ke raba aiki ya amince da abin da za a ɗage domin a samu lokacin yin su.

Daga nan sai a ɗora gajeren bayani na layi huɗu ko biyar a saman takardar, mai faɗin tsawon katsewar, da waɗanda ta shafa, da abin da ya tayar da ita, da manyan gyare-gyare, a ajiye ta inda kowane injiniya zai iya nemo ta. A sa ranar sake dubawa bayan kwana 30. A wannan rana mai riƙe rahoton zai buɗe tikitocin ɗaya-ɗaya, ya nemi sakamakon gwajin kowanne da aka ce an gama, wanda kuma aka fasa yi ya rubuta a cikin rahoton dalilin fasawar da matsayin wanda ya amince a ci gaba da ɗaukar wannan haɗari.